Hasken da ke fizge elektoron daga ƙarfe: launi ne ke hukunci, ba yawan haske ba

A 1887 masanin kimiyya ɗan Jamus Heinrich Hertz ya lura cewa tartsatsin lantarki ya fi saurin tsallakawa tsakanin ƙarafa biyu idan wani haske da ido ba ya gani, mai suna ultarabiyole, ya faɗa a kansu. Daga baya aka gano dalili: hasken yana fizge elektoron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, daga fuskar ƙarfen. Wannan shi ne tasirin fotoelektirik.

Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne gwaje-gwajen Philipp Lenard na 1902. A fahimtar lokacin, haske igiya ce mai kaɗawa kamar igiyar ruwa, saboda haka idan an ƙara masa ƙarfi, ya kamata elektoron su fito da gudu mafi yawa. Ba haka aka gani ba. Ƙara haske ya ƙara yawan elektoron ɗin da ke fitowa, amma kuzarin kowannensu bai motsa ba.

Albert Einstein ne ya warware matsalar a 1905. Ya ce haske yana isowa ne a dunƙule-dunƙule, waɗanda daga baya aka raɗa wa suna foton. Kuzarin kowane foton ya dogara ga abu ɗaya tak: sau nawa hasken ke kaɗawa a daƙiƙa guda. Kaɗawar ce kuma ke ba haske launinsa. Jan haske yana kaɗawa a hankali, fotonsa mai rauni ne. Shuɗi ya fi shi, ultarabiyole ya fi su duka. Elektoron ɗaya kuwa foton ɗaya yake haɗiyewa, kuma ba ya adashi: ba ya ajiye na farko ya jira na biyu ya tara.

Kowane ƙarfe yana da nasa kuɗin fita, wato mafi ƙarancin kuzarin da elektoron zai biya kafin ya ɓalle. Abin da ya rage bayan biyan shi ne kuzarin gudunsa:

Ec = hf − W

A nan f ita ce yawan kaɗawa, h lamba ce da ba ta canzawa mai ɗauke da sunan Max Planck, W kuɗin fita, Ec kuma kuzarin elektoron mafi gudu.

Mu ɗauki ƙarfen sodiyom. Kuɗin fitarsa kimanin 2,3 ne a ma'aunin elektoron-bolt. Foton na jan haske yana ɗauke da kimanin 1,9. Bai kai ba. A ninka fitilar sau ɗari, an dai ƙara yawan masu zuwa da 1,9 a hannu, kuma babu ko ɗaya da ya isa biya. Sai a wajen koren haske, inda kaɗawa ta kai kusan 5,6 × 10¹⁴ a daƙiƙa, foton ke cika 2,3 daidai. Wannan ita ce kaɗawar iyaka ta sodiyom: ƙasa da ita babu abin da ke fita. Idan aka haska shuɗin da ke can ƙarshen bakan gizo, mai ɗauke da 3,1, sai a cire 2,3, saura 0,8. Ko da hasken dishi-dishi ne, elektoron na fita nan take.

Ana auna wannan ne cikin kwalbar da aka zuƙe wa iska, da farantin ƙarfe biyu a ciki. Ana ƙara ƙarfin lantarkin da ke tura elektoron baya har sai ko ɗaya bai iya tsallakawa ba. A misalinmu hakan na faruwa a bolt 0,8. A ninka hasken: lantarkin da ke gudana zai ninka, amma har yanzu bolt 0,8 ne ke tsayar da shi. Robert Millikan, wanda bai yarda da ra'ayin Einstein ba, ya shafe shekaru yana irin wannan awo, kuma sakamakon da ya fitar a 1916 ya gaskata lissafin. Wannan dokar ce aka ambata da suna a kyautar Nobel ta 1921 da aka ba Einstein.

A aji, da farantin tutiya aka fi nuna gwajin, kuma yakan ƙi yi. Kuɗin fitar tutiya ya kai kimanin 4,3, don haka fitilar ɗaki ba ta yi masa komai, sai ta ultarabiyole. Dole a goge farantin da takardar yashi, domin tsatsar da ke rufe shi tana hana fita. Dole kuma a cika shi da rarar elektoron tukuna, in ba haka ba zai jawo waɗanda suka fita su koma. Don tabbatar da cewa haske ne ke aikin, ba danshin iska ba, a gitta gilashin taga tsakanin fitila da faranti: gilashi na tare wannan hasken, kuma zubar lantarkin za ta tsaya.

Dokar foton ɗaya ga elektoron ɗaya tana da iyaka. Da leza mai tsananin ƙarfi, foton biyu ko fiye na iya faɗa wa elektoron ɗaya kusan lokaci guda, har ya fita ƙasa da kaɗawar iyaka. Hasken rana, ko na tsakiyar watan Afrilu, bai ko kusanci wannan ƙarfin ba.