Sunan da ke kan fom da sunan da ke cikin gado

Duk wanda ya taɓa buɗe asusun hannun jari a Kano, ko ya sayi sukuk na Gwamnatin Tarayya tun fitowarsa a 2017, ya ci karo da wani gurbi a fom mai suna `Next of Kin`. Idan mai cike fom ya tambayi ɗan kasuwar Kantin Kwari wa za a rubuta, yawanci cewa yake yi, "Alhaji, wa za mu sa a matsayin magaji?" Daga wannan tambaya rigimar ke farawa, domin gurbin nan ba ya naɗa magaji. Abin da yake nufi shi ne mutumin da za a tuntuɓa idan an nemi mai asusu an rasa. Banki ko dillalin hannun jari ba zai miƙa masa ko sisi ba don sunansa na kan takarda, kuma kotu ba za ta ƙara masa komai a rabo ba.

Magaji a bakin Bahaushe kalma ce mai faɗi. Akwai Magajin Gari, akwai ɗan fari da ake ce wa magajin gida ko da yana da ƙanne goma. A gaban alƙali kuwa ta ƙuntata: magaji shi ne wanda shari'a ta yanka wa rabo saboda jini ko aure, ba wanda mamaci ya zaɓa ba. Mutum ba ya naɗa shi, ba ya sauke shi. Kuma ba a sanin su waye magada sai ranar rasuwa, tunda wanda ake zato na iya riga mai dukiyar tafiya, ko a haifi wani ya katange shi.

A ɗauki misalin wani mai sayar da atamfa a Fagge da ya rubuta ƙanensa a fom, saboda shi ne yaron shagonsa, shi ya san sirrinsa. Ya rasu ya bar hannun jari da sukuk na naira miliyan 30, da mata biyu, da mahaifiya, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, da wannan ƙane. Abin da ya bari gaba ɗaya shi ake kira tarika, kuma ba a fara rabo daga kanta kai tsaye. Za a fitar da kuɗin jana'iza da bashi, a ce miliyan 3, saura 27. Sai wasiyya: ya yi wa agolansa, wanda ya taso a hannunsa, wasiyyar miliyan 3. Wannan ta zartu, domin agola ba magaji ba ne, kuma ba ta haura sulusi ba, wanda a nan miliyan 9 ne. Saura 24. Matan biyu su raba tumuni, wato miliyan 3, kowacce miliyan ɗaya da rabi. Mahaifiya ta ɗauki sudusi, miliyan 4. Ragowar 17 ta 'ya'ya ce, namiji rabon mata biyu: a kasa ta biyar, 'yar ta sami miliyan 3.4, kowane ɗa miliyan 6.8. Ƙanen da sunansa ke kan fom bai sami komai ba, ɗa namiji ya katange shi.

Da Alhajin yana son ƙanen nan ya amfana, ƙofa a buɗe take, amma sunanta wasiyya. Tunda ƙanen ba ya cikin magada a wannan hali, ana iya yi masa wasiyya daga cikin sulusin, har miliyan 6 da suka rage bayan na agola. Abin da ba ya yiwuwa shi ne yi wa babban ɗa ko amarya wasiyya, sai in sauran magada sun amince bayan rasuwar. Wanda ke son fifita su sai ya bi ta kyauta yana da rai da lafiya, kuma a mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka bai wa ya karɓa ya riƙe. A harkar hannun jari, hauzin da ba ya barin gardama shi ne a mayar da hannayen zuwa asusun wancan mutum a CSCS, inda ake ajiye rijistarsu tun 1997. "Na ba ka" a zaure, alhali takardu na nan da sunan Alhaji har ya kwanta ciwon ajali, yana daga cikin abubuwan da ke kai 'yan'uwa kotu.

Akwai kuma kalmar da ake yawan rikitawa da wanda aka yi wa wasiyya: wasiyyi. Shi wasiyyi ɗan aike ne, wanda aka damƙa wa zartar da wasiyya da kula da rabon marayu. A ganina nan ne gurbin da ya dace da ƙanen misalinmu, kuma abin da yawancin 'yan kasuwa ke nufi ke nan idan suka rubuta suna a fom. Sai dai fom ba ya naɗa wasiyyi. Sai an rubuta a takardar wasiyya, da shaidu.

Tsallaka titi zuwa Sabon Gari, sai kalmar wasiyya ta ɗauki wata ma'ana. Ga Kiristan da ya yi auren rijista, rubutacciyar wasiyya irin ta lauya na iya raba dukiya duka ga wanda ya ga dama, babu maganar sulusi. Ma'anonin biyu sun taɓa gwabzawa a shari'ar Adesubokan da Yunusa, wadda ta taso daga Zariya, inda Kotun Ƙoli a 1971 ta yanke cewa Musulmin da ya rubuta wasiyya a ƙarƙashin dokar Ingila ta 1837 bai ɗauru da iyakar Malikiyya ba. Daga baya wasu jihohi, irin su Kaduna da Kwara, suka yi dokokin da suka mayar da Musulmi kan shari'arsa. Saboda haka Musulmin da zai je wurin lauya ya sa a rubuta ƙarara cewa a raba tarikarsa bisa fara'ili, kada ya bari a cika masa kwafin da aka tsara wa wani. Ga gidajen da aure ya haɗa addini biyu kuwa, sulusin nan ne mafita: matar da ba Musulma ba ba ta gadon mijinta Musulmi, amma wasiyya gare ta halal ce.

Kalmar `Beneficiary` a takardar inshorar rai ta fi `Next of Kin` ƙarfi, domin kamfani na biyan wanda aka ambata. Kuɗin fansho kuwa, bisa dokar 2014, ba a sakin abin da ke asusun mamaci sai da wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da tarika. Irin wannan takarda daga Babbar Kotu, tare da shaidar mutuwa, ita ce masu rijistar kamfanoni ke nema kafin su sauya sunan hannun jari, ko da kotun shari'a ta gama lissafin rabo.

Abin da ya fi cin dukiyar marayu ba shi da suna a littafin fiƙihu: hannun jarin da ba wanda ya san da shi. Shago ana ganinsa, gida ana ganinsa, amma hannayen da aka saya shekaru ashirin da suka wuce suna kwance a kwamfuta. Ribar da ta shekara shida ba a karɓa ba, dokar kuɗi ta 2020 ta ce a mayar da ita wani asusun gwamnati, sai magada sun bi sawu. Don haka wasiyyar mai jari ta ƙunshi sunan dillalinsa, da lambar asusunsa, da kamfanonin da yake da hannu a ciki. Kuma gara a rubuta wasiyya da kaso, kamar ɗaya bisa tara, maimakon adadin naira, tunda farashi na hawa da sauka, sulusin kuma ana auna shi ne da abin da aka tarar bayan rasuwa.