Zaɓin "Ni" ko "Mu" a Waƙoƙin Bege da Tuba na Hausa

Sha'irin da zai tsara waƙar bege ko ta tuba yakan zaɓi bakin da zai yi magana da shi: ko dai nasa shi kaɗai, ko kuwa na jama'a. A Hausa wakilin suna manne yake da lokacin aiki, saboda haka zaɓin yana fitowa a kusan kowane ɗango, a siffofi irin su na da mun, ina da muna, in da mu.

Bakin mutum ɗaya ya fi dacewa da shauƙi da nadama. Ƙasidar Burda ta Busiri, wadda ake rerawa a lokacin Mauludi, ta gabatar da zargin kai kafin ta shiga yabo, kuma Daliyyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo begen mutum ɗaya ne mai ƙishirwar ziyarar Madina. A nan mai sauraro shaida ne kawai, yana jin wani yana buɗe cikinsa. Ɗauki ƙirƙirarren misali, "na yi saɓo, ina neman gafara". Laifin yana da mai shi, kunyar kuma a kansa take. Idan aka mayar da shi "mun yi saɓo, muna neman gafara", sai nauyin ya rarrabu, zafin ikirarin ya ragu, amma roƙon ya sami ƙarfin taro irin na addu'ar bayan salla. Wannan musanya ba ta taɓa karin waƙa, domin na da mun duk gaɓoɓi ne masu nauyi, haka nan ina da muna awonsu ɗaya. Inda ake samun tangarɗa shi ne tsakanin in da mu, tunda ta farko mai nauyi ce, ta biyu kuwa marar nauyi.

Mu ɗin nan yana da wata sarƙaƙiya. Fulfulde, harshen da Shehu ya yi yawancin waƙoƙinsa na ajami da shi, ya bambanta "mu har da ku" da "mu ban da ku". Hausa ba ta da wannan bambanci, don haka idan mawaƙin ɗariƙa ya ce mun dace da Shehi, ɗan'uwa zai ji an rungume shi, wanda ba ya ciki kuwa yana iya jin gugar zana. Haka kuma "mu tuba" kira ne, yana karkatar da waƙa daga munajati zuwa wa'azi.

Amshi yakan sauya lissafin. A majalisin mandiri na Ƙadiriyya a Kano, idan jagora ya ba da baiti da bakin mutum ɗaya, masu amshi suka maimaita, kowannensu yana faɗin ni ne a kan kansa, alhali muryoyin a haɗe suke. Da wannan ake samun kusancin "ni" da ƙarfin "mu" a lokaci guda, abin da rubutaccen matani ba ya nunawa. Manazarcin da ya tsaya ga takarda kaɗai zai iya ɗaukar irin wannan baiti a matsayin kukan mutum ɗaya.