Fili ɗaya, masu saye biyu: yadda rajista ke raba gardama

A Kalmalo, garin bakin tafki da ke Ƙaramar Hukumar Illela daura da iyakar Nijar, cinikin fili ko gonar fadama yakan ƙare ne da takarda guda, kamar yadda aka saba a karkarar Sakkwato: sunan mai sayarwa, sunan mai saye, kuɗin da aka biya, sa hannun shaidu da hatimin mai gari. Daga nan mai saye ya linke ta ya ajiye a ƙasan akwati. Babu wani kundi na bai ɗaya da za a buɗe a ga cewa filin ya riga ya fita daga hannun mai shi, kuma ta wannan ƙofar ce ake sayar da shi sau biyu.

A ƙaddara wani magidanci ya sayar wa ɗan kasuwa fili a watan Janairu kan naira miliyan 2. Ɗan kasuwar ya koma harkarsa tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, bai kafa ko turke ba. A watan Yuni magidancin, ko wani ɗan'uwansa da ke ganin yana da gado a ciki, ya nemo sabbin shaidu ya sayar wa wani ma'aikaci kan miliyan 3. Ma'aikacin ya sa lauya ya rubuta masa takardar miƙa mallaka, ya nemi amincewar hukuma, ya yi rajista a watan Agusta. Na wa ne filin?

Hankali zai ce na farko. Dokar rajistar takardun filaye, wadda asalinta ya faro daga 1924 kuma jihohin Arewa suka gada, ta bi wata hanyar: idan takardu biyu masu buƙatar rajista suka yi karo a kan fili guda, ana duba ranar da aka yi wa kowace rajista, ba ranar da aka rubuta ta ba. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Amankra da Zankley a 1963. Mutum ɗaya ya sayar wa biyu a 1957. Wanda aka rubuta wa takarda a watan Mayu bai yi rajista ba sai 1960, shi kuwa na watan Agusta ya yi tasa a Satumba. Na biyun ne ya yi nasara.

Sai dai rajista ba wankan tsarki ba ce. Dokar da kanta ta ce ba ta gyara aibin takarda. In wanda ya sayar ba shi da haƙƙi tun asali, ko sa hannun na bogi ne, hatimin gwamnati bai ƙara komai ba. Hatta takardar shaidar mallaka da gwamna ke bayarwa, kotun ta nuna a shari'ar Ogunleye da Oni a 1990 cewa tana faɗuwa in wani ya kawo hujjar da ta girme ta. Akwai kuma batun amincewa: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta izinin gwamna kafin a sayar da filin da ke ƙarƙashin haƙƙin da ya bayar, ko na ƙaramar hukuma in haƙƙin na gargajiya ne, kuma Sashe na 26 ya soke cinikin da ya tsallake wannan.

Babban abin da zai iya ceton ɗan kasuwar shi ne shiga filin. A shari'ar Okoye da Dumez a 1985, Kotun Ƙoli ta ce wanda ya biya kuɗi kuma ya karɓi filin yana da haƙƙi mai ƙarfi ko da bai yi rajista ba, ba mai kayar da shi sai wanda ya saya da zuciya ɗaya, bai san an riga shi ba. Da ɗan kasuwar ya zagaye wurin da katanga ko ya shuka albasa, da ma'aikacin ba shi da bakin cewa bai sani ba. Barinsa fili fetal, tare da takarda a akwati, shi ya raunana shi. Abin da ya rage masa shi ne bin magidancin ya maido kuɗinsa, da ƙarar zamba.

A kotun shari'ar Musulunci kuwa ma'aunin ya bambanta. A fiƙihun Malikiyya mallaka tana komawa hannun mai saye da zarar ciniki ya ƙullu, don haka na biyu sayar da abin wani ne, kuma shaidu ne ke tabbatar da wanda ya riga. Shi ya sa tun wajen zaɓen kotu lauyoyin ɓangarorin biyu suke fara jayayya.

Mai niyyar saye yana da wurare uku na bincike, kuma ɗaya ba ya isar wa sauran: ofishin rajista na Ma'aikatar Filaye a Sakkwato, sashen filaye na ƙaramar hukuma a Illela, da maƙwabtan filin ta kowace kusurwa. Mai sayarwa da ya ce takardar asali ta ɓace, ko ya karya farashi yana gaggawa, ko ya hana a kira magada su sa hannu, ya riga ya ba da dalilin dakatar da biya.