Maganin ƙanjamau: me za a yi idan lokacin sha ya wuce?

A garin Wudil na jihar Kano, inda kasuwar shanu ke ci duk ranar Juma'a, tafiya na cikin sana'ar mutane da yawa. Fatake da direbobi da 'yan kamasho kan yi sammako, wani lokaci kuma su kwana a hanya. Ga mai ɗauke da ƙwayar cutar HIV, wadda ke haddasa ƙanjamau, irin wannan tafiya na iya sa lokacin shan magani ya wuce, ko kwalbar ta kwana a gida.

Wane magani ake sha?

Najeriya ta fara shirin raba maganin rage kaifin cutar a shekarar 2002, ya kuma zama kyauta a asibitocin gwamnati a 2006. A yau akasarin manya na shan ƙwaya guda ne a rana, wadda ake kira TLD. Ta ƙunshi magunguna uku: tenofobir da lamibudin, miligiram 300 kowanne, da dolutegirabir miligiram 50.

Maganin ba ya kawar da cutar daga jiki. Aikinsa shi ne hana ƙwayar cutar hayayyafa, kuma yana yin hakan ne muddin akwai isasshensa a cikin jini.

Mene ne ƙa'idar idan an manta?

Ƙa'idar da aka saba bayarwa ga TLD ta dogara ne kan sa'o'i 12. Idan mutum ya tuna kafin sa'o'i 12 su wuce daga lokacin da ya saba sha, sai ya sha nan take, sa'an nan ya sha na gaba a lokacinsa. Idan kuwa an haura sa'o'i 12, sai ya bar wanda ya wuce, ya jira na gaba.

Ba a haɗa ƙwaya biyu don ramuwa. Yin haka ba ya cike giɓin da ya riga ya faru, sai dai ya ƙara yiwuwar tashin zuciya da jiri da ciwon kai.

A ɗauki misalin falken da ya saba shan nasa da ƙarfe takwas na dare, bayan sallar Isha'i. Ranar Alhamis ya gaji, barci ya kwashe shi bai sha ba. Idan ya tuna da ƙarfe biyar na asuba, sa'o'i tara ne suka wuce, don haka zai sha nan take, ya kuma sha na Juma'a da ƙarfe takwas na dare kamar kullum. Idan kuwa bai tuna ba sai bayan saukowa daga masallacin Juma'a, da misalin ƙarfe biyu, sa'o'i 18 sun wuce. Zai jira ƙarfe takwas, ya sha ƙwaya guda.

Wanda ya yi amai cikin sa'a guda da shan maganin zai sake shan wata ƙwayar, domin mai yiwuwa ta farkon ba ta shiga jini ba. Bayan sa'a guda babu buƙatar hakan.

Masu shan magani sau biyu a rana, da ƙananan yara, ƙa'idarsu ta bambanta da wannan, kuma asibitinsu ne zai faɗa masu ita.

Ta yaya ƙwayar cutar ke bijire wa magani?

A jikin da babu magani, ƙwayar HIV na haifar da biliyoyin irinta a kowace rana. Kuma ba ta iya kwafar kanta daidai, saboda haka a kullum ana samun waɗanda suka fito da 'yar sauyin halitta. Cikinsu akan sami wadda wani magani ba ya yi mata illa sosai.

Idan magungunan uku na cikin jini da ƙarfinsu, hayayyafar takan kusan tsayawa cik, ba a samun sababbin kurakurai, kuma wadda ta kuɓuce wa magani ɗaya sauran biyun za su tare ta.

Haɗarin yana tsakiya ne, wato lokacin da magani ya ragu a jini amma bai ƙare ba. A nan ƙwayar cutar na samun sararin hayayyafa, ragowar maganin kuma na danne masu rauni ne kawai. Sai masu taurin kai su yi yawa, su gaje wurin. Shi ya sa sha yau, tsallake gobe, ya fi komai saurin jawo wannan matsala.

An ga haka da tsofaffin magunguna irin su nebirafin da ifabirenz, waɗanda sauyi guda tak ya isa ya karya ƙarfinsu. Ifabirenz yakan daɗe a jini bayan abokan haɗinsa sun fita, sai ya rage shi kaɗai gaban ƙwayar cutar. A rahotonta na 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe 12 cikin 18 da aka bincika, fiye da kashi 10 cikin ɗari na masu fara magani sun riga suna ɗauke da ƙwayar da ta bijire wa waɗannan magunguna. A shekarar ce hukumar ta fifita dolutegirabir ga kowa.

Dolutegirabir ya fi wuyar karyawa, kuma mantuwa sau ɗaya ba ta cika yin ɓarna ba. Amma an samu waɗanda shi ma ya daina yi masu aiki, musamman cikin waɗanda suka daɗe suna yanke magani. Ƙwayar da ta bijire tana zama a jiki har abada, ana kuma iya sa wa miji ko mata ko jariri ita.

Ta yaya ake ganewa?

Ba a ji a jika da farko. Mutum na iya jin garau alhali ƙwayar cutar ta fara ƙaruwa. Gwajin yawan ƙwayar cutar a jini ne ke nunawa, kuma akan yi shi wata shida da fara magani, da wata 12, sa'an nan duk shekara.

Idan sakamakon ya haura 1,000 a kowace mililita, ba a gaggauta sauya magani. Akan zauna da mutum a gano abin da ke hana shi sha, a sake gwaji bayan kimanin wata uku. Idan adadin ya sauka, rashin sha ne matsalar. Idan bai sauka ba duk da ana sha yadda ya kamata, sai likitoci su duba batun sauya magani.

Azumi da sauran magunguna fa?

Mai shan ƙwaya guda a rana na iya mayar da lokacinsa zuwa bayan buɗa-baki ko sahur, bisa shawarar asibiti. Wani bincike da aka yi a Kano, aka wallafa a 2009, ya nuna cewa masu azumin Ramadan sun ci gaba da shan maganinsu kusan daidai da waɗanda ba sa azumi.

Akwai kuma abubuwan da ke rage ƙarfin maganin ko da an sha shi a kan lokaci. Maganin ƙwarnafi da na ƙarin jini kan riƙe dolutegirabir a hanji, don haka a sha TLD sa'o'i biyu kafinsu ko sa'o'i shida bayansu. Mai shan maganin tarin fuka mai ɗauke da rifamfisin kuwa akan ƙara masa dolutegirabir miligiram 50, sa'o'i 12 bayan ƙwayarsa ta kullum.

Wanda ya yi kwanaki ko makonni bai sha ba, ya koma asibitinsa ba tare da jinkiri ba, ya faɗi adadin kwanakin. Wannan ya fi zama dole ga mai ciwon hanta nau'in B, domin tenofobir da lamibudin na danne ita ma wannan cutar, kuma tana iya tasowa da ƙarfi idan aka yanke su.