Yadda ake karanta tufafin aiki: asibiti, lakkol da ofis

Wanda ya shiga asibiti da marar lafiya, kafin ya buɗe baki idonsa ya riga ya zaɓi wanda zai tunkara, kuma da riga yake zaɓa. Sau da yawa yakan yi kuskure, domin a wajenmu duk mai farar riga "likita" ne. Alhali tufafin aiki, wato abin da ake kira tenu, suna magana ta hanya uku: ɗinki, launi, da ƙananan alamomi. Ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ɗinki ya fi nuna irin aikin da mutum yake yi, launi ya fi nuna sashen da yake, muƙami kuwa a ƙananan alamomi yake ɓoye.

A asibiti, abin dubawa na farko shi ne tsawon riga da hannunta. Doguwar farar buluz mai kai wa gwiwa, wadda ake ɗorawa a kan kayan gida, a al'ada ta likita ce, da mai haɗa magani da ma'aikacin ɗakin awo. Ma'aikacin jinya ya fi sa gajeruwar riga mai gajeren hannu da wandonta. Wannan ba ado ba ne. Mai wanke miki da ɗaura ruwa yana wanke hannu sau da yawa a yini, kuma dogon hannun riga yana jiƙewa, yana kwasar ƙwayoyin cuta daga wannan gado zuwa wancan. Dalilin ke nan da hukumomin lafiya na Birtaniya suka fito da ƙa'ida a 2007 cewa mai taɓa marar lafiya ya bar hannunsa ba komai daga gwiwar hannu zuwa yatsu. Wannan dalilin ne kuma ya sa wasu ma'aikatan jinya suke maƙala ƙaramin agogo a ƙirji maimakon ɗaura shi a hannu. Agogon a kife yake, don mai shi ya sunkuya ya karanta yayin da yake riƙe da hannun marar lafiya yana ƙirga bugun jini na daƙiƙa 30, ya ninka sau biyu.

Launi ya fi ruɗa mutane. Kore ko shuɗi na ɗakin tiyata ne, kuma yana da dalili: idon da ya daɗe yana kallon jan jini ƙarƙashin fitila mai ƙarfi yakan gaji, farin ƙyalle na ƙara masa ɗaukar ido, kore kuwa yana hutar da shi. Amma a can ciki kowa kore yake sawa, daga mai yin aikin har mai miƙa masa almakashi, saboda haka koren bai faɗi muƙamin kowa ba. Ruwan hoda, a ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa, an san shi da ungozoma mai takardar shaida, wadda ake kira sajfam. Al'ada ce mai ƙarfi, sai dai kowane asibiti na iya tsara launukansa, asibitin kuɗi ma yakan zaɓi wanda ya yi wa mai shi.

A ɗauki misali. Mace ta raka ƙanwarta ɗakin haihuwa da dare, ta tarar da mutum huɗu. Ɗaya na sanye da ruwan hoda, tana riƙe da takardun awon ciki: ita ce za ta duba mai naƙuda, ita ce kuma za ta ce ko a kira likita. Ta biyu budurwa ce cikin sabuwar farar riga mai tambarin makaranta a aljihu: ɗaliba ce mai koyon aiki, wataƙila daga makarantar ENSP ta Yamai ko ta Damagaram, ko wata makaranta mai zaman kanta. Tana iya auna zafin jiki, amma ba ita ke yanke shawara ba. Ta uku na da riga mai wani launi daban, da bokiti a gefe: mai tsabtar ɗaki ce. Na huɗu ya wuce da sauri cikin kore da hula da takunkumi: daga ɗakin tiyata yake, kuma sai an karanta baj ɗinsa za a san ko likita ne ko mai taimaka masa. Da wannan matar ta bi farin kaya kawai, da ɗalibar za ta kama da tambaya.

A ƙananan cibiyoyin lafiya na CSI lissafin ya ɗan bambanta. Sau da yawa babu likita, shugaban wurin ma'aikacin jinya ne, wanda ake kira majo. Yana iya sa doguwar buluz, da abin sauraren ƙirji a wuya, kuma shi ke duba marasa lafiya. Abin sauraren ƙirjin kayan aiki ne, ba galo ba ne.

Wanda ya tsallaka iyaka zuwa Katsina ko Kano zai ga wani gado dabam, na Ingilishi. Tsarin ya samo asali daga makarantar jinya da Florence Nightingale ta buɗe a Landan a 1860, inda hula da ɗamara da launin riga suka riƙa raba ɗaliba da ƙwararriya da shugaba. Har yau a Najeriya ana jin "sista" da "metiron" a matsayin muƙamai, kuma a asibitoci da dama ana gane su ta alamar kafaɗa ko ta launin kaya. Kalmar "sista" ta tuna da zamanin da ƴan zuhudu mata na coci suke riƙe da aikin jinya.

Tenu na lakkol ya fi sauƙi, domin aikinsa na farko ya nuna makarantar da yaro yake, kuma ya rage bambanci tsakanin ɗan mai hali da ɗan talaka. Duk da haka yana nuna mataki. A makarantu da yawa na Najeriya, ƙananan yara maza gajeren wando suke sawa, dogon wando sai an kai manyan azuzuwa, shugabannin ɗalibai kuma a ba su baj. A Kodebuwa, Benin da Togo an san ɗalibi da kaki. Sunan wannan yadi daga Indiya ya zo, asalinsa kalmar Farisanci ce mai nufin ƙura, kuma sojojin Birtaniya ne suka fara sa shi a can cikin shekarun 1840 kafin ya bi mulkin mallaka ya iso mana.

A ofisoshin gwamnati masu kaki, irin su duwan, muƙami a kafaɗa yake, bisa ƙirgen galo na Faransa: layi biyu laftanan, uku kaftin, huɗu komanda, biyar kanar. Idan layukan biyar ne amma launinsu gauraye, na zinariya da na azurfa, to laftanan kanar ne. Shi ma tenu na perefe daga can ya fito, inda aka ƙirƙiro muƙamin a 1800. A Faransa hular perefe tana da zagaye biyu na surfanin ganye, ta mataimakinsa zagaye ɗaya. Ɗamarar magajin gari tana da tuntu na zinariya, ta mataimakansa na azurfa. Bambancin ɗan kaɗan ne, amma a wajen biki shi ke nuna wanda za a fara gaisarwa.

Farar buluz dai ba ta da irin wannan tsaro. Ana sayar da ita a kasuwa, kowane tela na iya ɗinka ta, mai shagon magani ma yana sa ta. Don haka abin dogaro a asibiti shi ne baj mai suna da aiki, ko rubutun da aka surfa a saman aljihu. Idan babu ko ɗaya, kafin a miƙa takardar magani ko a karɓi allura, ba laifi ba ne a gaisa sannan a ce: "Don Allah malama, ke ce sajfam ɗin da ke gadi yau?"