Ramuwar salla bayan barci da jinya: wacce ake bin mutum, wacce za a fara?

A shekara ta 7 bayan Hijira, a kan hanyar komawa Madina daga Khaibar, Annabi (SAW) da sahabbansa suka yada zango cikin dare, aka bar wa Bilal aikin jiran alfijir. Bilal ya jingina da raƙumarsa, barci ya sace shi, ba wanda ya farka sai da zafin rana ya taɓa su. Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihu Muslim duk sun kawo labarin. Abin da aka yi bayan farkawa shi ne tushen babin ramuwa: an ɗan matsa daga wurin, aka yi alwala, aka ta da iƙama, aka yi Asuba da hantsi a jam'i. Ba a jira Asubar gobe ba.

Wannan maƙala tana bin mazhabar Malikiyya, wadda a kanta ake karanta Ahalari da Risala da Askar a zaurukan Kano da Sakkwato da Damagaram. Abin da take son tabbatarwa shi ne cewa tambayar da mutane suka fi yi, wato ko rashin lafiyar ta yi tsanani, ba ita ke yanke hukunci ba. Tambayoyi biyu ne ke yankewa: ko hankalin mutum yana tare da shi lokacin da sallar ta wuce, da kuma yawan sallolin da suka taru.

Mai barci da mai mantuwa ba su da zunubi, amma sallar tana kansu. Hadisin Anas da ke cikin Buhari da Muslim ya sanya lokacin tunawa ya zama lokacin yin ta. Saboda haka al'adar nan ta ajiye Azahar ɗin jiya sai Azahar ɗin yau ta zo a haɗa ba ta da madogara. Farillar da ta kuɓuce ana rama ta ko rana tana fitowa ko tana faɗuwa, domin hanin salla a waɗannan lokuta nafila ya shafa.

Ana kuma rama ta da siffar da ta kuɓuce. Wanda ya makara ya yi Asuba da hantsi zai bayyana karatu, wanda ke rama La'asar da daddare zai ɓoye. Direban da Azahar ta wuce shi a hanyar Kano zuwa Maiduguri raka'a biyu zai rama ko da ya riga ya iso gida, wanda kuma ta wuce shi a gida huɗu zai rama ko da yana cikin tafiya. Kowace salla da iƙamarta, ba a yi mata kiran salla. Raka'o'in nan biyu na alfijir kuwa ana iya rama su har zuwa zawali, kuma abin da ya shahara a mazhabar shi ne wanda rana ta fito masa ya fara da farilla sannan ya kawo su, ko da yake Ashhab ya ga a fara da su.

Batun jinya ya fi wannan sarƙaƙiya, domin kalmar tana ɗauke da hali biyu masu hukunci daban. Majinyacin da yake cikin hayyacinsa salla ba ta faɗi a kansa ba, ko yana kwance ana yi masa ƙarin ruwa. Idan ruwa zai cutar da shi ya yi taimama, idan ba ya iya tsayuwa ya zauna, idan zaman ya gagara ya kishingiɗa ya yi nuni. Najasar da ba shi da ikon gusarwa, kamar ta robar fitsari, ba ta hana shi salla. Duk sallar da ya bari a wannan hali bashi ce. Idan ya warke zai rama ta a tsaye, domin tsayuwa da zama suna bin halin jiki na ranar ramuwa.

Wanda ya suma kuwa, duk sallar da lokacinta ya fita yana sume ta faɗi a kansa, ba ramuwa. Malik ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya suma bai rama ba, kuma Shafi'iyya sun tafi a kan haka. Hanafiyya sun ce ya rama idan sallolin ba su wuce biyar ba, Hanbaliyya suka ce ya rama duka. Allurar barci ta ɗakin tiyata ta raba malaman zamani: wasu sun haɗa ta da suma, bisa ƙa'idar Malikiyya a kan wanda hankalinsa ya gushe ta hanyar halal, wasu sun haɗa ta da barci tunda da yardar mutum aka yi masa. Tiyata ba ta cika cin fiye da salla ɗaya ko biyu ba, don haka ramawar ita ce ta fitar da mutum daga saɓanin.

Lissafin mai suma yana rataye ne a ƙarshen lokacin lalura. Azahar da La'asar suna ƙarewa da faɗuwar rana, Magariba da Isha da fitowar alfijir, Asuba da fitowar rana. Idan ya farfaɗo, ana fara cire masa lokacin tsarki, sannan a duba saura. Abin da zai ishi raka'a biyar kafin faɗuwar rana yana wajabta wa mazaunin gida Azahar da La'asar, ƙasa da haka har zuwa raka'a ɗaya La'asar kaɗai. Kafin alfijir raka'a huɗu ke wajabta Magariba da Isha, ƙasa da haka Isha kaɗai.

A ɗauki misalin magidancin da zazzaɓi ya kwantar a asibiti. Ranar Litinin yana cikin hayyacinsa, amma ya bar Azahar da La'asar har rana ta faɗi, yana cewa tufafinsa ba su da tsarki. Jim kaɗan bayan faɗuwar rana ya suma, bai farfaɗo ba sai ranar Laraba da yamma, saura kamar rabin awa rana ta faɗi. Magariba da Isha na Litinin, da salloli biyar na Talata, da Asubar Laraba, takwas ke nan, duk sun faɗi a kansa. Azahar da La'asar na Laraba sun wajaba, domin rabin awa ya ishi taimama ko alwala da raka'a biyar. Bashin da ake bin sa biyu ne kacal, na ranar Litinin. Abin da aka saba gani shi ne akasin haka: 'yan uwa su ƙidaya masa kwanakin suma, shi kuma ya ɗauka na Litinin sun wuce tunda zazzaɓi ne ya hana shi.

Wacce zai fara? Malikiyya sun kasa jerantawa gida uku. Tsakanin salloli biyu masu tarayyar lokaci, kamar Azahar da La'asar na yini ɗaya da lokacinsu bai fita ba, jerantawa sharaɗi ce: wanda ya yi La'asar yana sane bai yi Azahar ba, La'asar ɗinsa ta ɓaci. Tsakanin sallolin ramuwa a junansu, wajibi ce amma ba sharaɗi ba, wato wanda ya saɓa da gangan ya yi laifi, sallarsa kuwa ta inganta. Na uku shi ne tsakanin na ramuwa da mai lokaci, kuma a nan adadi ke magana. Idan 'yan kaɗan ne, ana gabatar da su ko da mai lokacin za ta fita. Ahalari ya ƙayyade kaɗan da huɗu, Risala ta ce abin da bai kai sallolin yini da dare ba, Halil kuma ya ambaci saɓani tsakanin huɗu da biyar. Idan sun wuce haka, mai lokaci ake farawa da ita.

Don haka magidancin nan zai yi Azahar da La'asar na Litinin, sannan Azahar da La'asar na Laraba. Haka ma'aikaciyar jinyar da ta kwana a bakin aiki, ta kwanta da hantsi, ba ta farka ba sai da kiran Magariba: Azahar, La'asar, sannan Magariba. Wanda ya saɓa ya gabatar da mai lokaci, sai ya yi ramuwar, sannan an so ya sake mai lokacin muddin lokacinta na lalura bai fita ba.

Wanda ya tuna da 'yar ramuwar da ke kansa yana tsakiyar salla, hukuncinsa ya danganta da matsayinsa. Mai salla shi kaɗai zai yanke idan bai cika raka'a ba, idan ya cika ɗaya ya ƙara ɗaya ya sallame a matsayin nafila, idan kuma ya riga ya cika uku a mai raka'a huɗu ko biyu a Magariba ya ƙarasa. Mamu ba ya barin limaminsa. Zai bi shi har sallama, ya yi ramuwarsa, ya sake wadda suka yi.

Akwai ƙorafi mai ƙarfi a kan gabatar da ramuwa har mai lokaci ta fita: mutumin da ake bin sa salla biyu zai koma ana bin sa uku. Shafi'iyya suna ganin jerantawa mustahabbi ce, Hanafiyya da Hanbaliyya suna wajabta ta amma suna ɗauke ta idan lokaci ya ƙure. A cikin gida ma Ibnu Wahb ya ce a fara da mai lokaci, Ashhab ya ba da zaɓi. Hujjar mashhurin mazhaba ita ce yaƙin Khandaƙ a shekara ta 5 bayan Hijira, inda Buhari da Muslim suka ruwaito cewa an yi La'asar bayan faɗuwar rana sannan aka yi Magariba, da kuma hadisin Anas: idan lokacin tunawa shi ne lokacin sallar da ta kuɓuce, to su biyun masu lokaci ne, kuma ta farkon ta riga. Masu saɓawa suna amsawa da cewa Magaribar Khandaƙ lokacinta bai fita ba, saboda haka labarin bai taɓa wurin da ake jayayya ba. Wannan amsa tana da nauyi. Sai dai fagen jayayyar ƙarami ne, domin raka'a huɗu mintuna kaɗan take ci, kuma kowane ɓangare ya yarda cewa idan lokaci yana da yalwa farawa da ramuwa 'yar kaɗan ne ya dace da sunna.

Wanda doguwar jinya ta tara masa salloli na makonni, Ahalari ya ba shi ma'auni: mai rama na kwana biyar a kowace rana ba a kiransa mai sakaci. Zai bi su a jere daga wadda ta fara kuɓuce masa, ya ajiye nafilfili irin su walaha da tarawihi, ya riƙe shafa'i da wutiri da raka'o'in alfijir da Idi. Idan adadin ya ɓace masa, ya yi ta ramawa har shakka ta gushe. Kafin ya soma, abin da ya kamata ya tambayi masu jinyarsa shi ne lokacin da ya suma da lokacin da ya farfaɗo, domin abin da ke tsakani ba a bin sa a mazhabar Malik, abin da ke gaba da shi da bayansa kuwa ramuwarsa wajibi ce.