Gyaran Agogo a Tudun Wadar Zariya, da Labarin Agogon Wata Hajiya

Tun kafin agogo ya shigo ƙasar Zazzau mutane suna da hanyar sanin lokaci, domin ladan yana duban inuwa ya gane zawali, ya dubi jan shafaƙi ya gane shigar Lisha, shi kuwa manomi rana da taurari sun ishe shi. Jirgin ƙasa, wanda ya iso Zariya wajen 1911, shi ne ya fara tilasta wa jama'a sanin minti, tun da yake ba ya jiran kowa. Daga baya, da Tudun Wada ta cika da malaman ofis da ma'aikatan Kamfanin Gaskiya, wanda aka kafa a 1945, sai agogon hannu ya zama alamar wanda ke cin albashi. Inda agogo ya yawaita kuwa, ba makawa sai an sami mai gyaransa, ya kafa ɗan teburinsa mai akwatin gilashi a bakin kasuwa.

A irin wannan teburi na koyi sana'ar, a hannun wani dattijo da muke kira Malam, wanda ya riski zamanin da kowane agogo mai wani ne. A lokacin alhazai ne manyan masu kawo agogo, musamman West End na ƙasar Suwizalan, wanda ya yi suna a kasuwannin Makka da Jidda. Sa'an nan Seiko 5 na Japan, wanda ya fito a 1963, mai yi wa kansa wani da motsin hannun mai shi, ya mamaye gari. Amma Seiko ɗin nan ne kuma ya fitar da agogon hannu na batir mai injin quartz na farko a Disamba 1969, kuma da irinsa suka yi araha, sai aikin ya sake kama: mai gyara ya koma canjin batir da maɗauri, in inji ya mutu a jefar a sa sabo. Karyewar Naira daga 1986 ta sa kayan gyaran Turai suka gagara, wayar hannu kuma, tun daga 2001, ta sanya lokaci a aljihun kowa. Almajiran sana'ar da yawa suka koma gyaran waya.

Ana cikin wannan hali ne wata dattijuwa ta zo teburin Malam tare da jikanta, bayan ta fita takaba ta wata huɗu da kwana goma. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da West End wanda gilashinsa ya dushe. Ta ce, "Malam, na maigidana ne, Allah ya jiƙansa. Da shi ya dawo daga hajjinsa na fari. Da aka zo rabon gado na roƙi a ƙiyasta shi cikin tumunina." Malam ya ce, "Allah ya gafarta masa, Hajiya. Me yake yi?" Ta ce in an yi masa wani yakan yi gudu har ya wuce rediyo da mintoci cikin awa guda, sa'an nan kafin La'asar ya tsaya cik, kuma wani mai gyara ya ba ta shawarar a fid da injin a sa na batir. "Ni kuwa ƙararsa nake so, wadda na saba ji kafin Asuba."

Malam bai buɗe shi nan take ba. Ya yi masa wani kaɗan, ya kara a kunne, ya kifa shi, ya mayar da shi rigingine, yana saurare. Hikimar haka ita ce, a cikin irin wannan agogo akwai wata 'yar ƙafa mai lilo, wadda ke tsaye bisa sanda mai tsini biyu siraran gaske. Idan tsini ɗaya ya karye saboda faɗuwa, agogon zai yi aiki a fuska ɗaya ya tsaya a ɗayar, kuma wannan ciwo ne mai wuyar magani, domin sai an sami sandar wani agogon irinsa da ya mutu. Na Hajiya kuwa bai yi shiru ba ta kowace fuska, saboda haka Malam ya ce da ita, "Alhamdu lillahi, zuciyarsa lafiya lau. Datti ne da mai."

Da ya buɗe murfin baya ya sa madubi a ido, sai ga hujja a fili: wani ya taɓa ɗiga masa man keken ɗinki. Ita wannan ƙafa mai lilo wani siririn sifirin ne mai kama da gashi yake sarrafa ta, har ta buga sau biyar a daƙiƙa, wato sau 18,000 a awa. Idan mai ya manne zagaye biyu na sifirin ɗin, tsawonsa mai aiki ya ragu ke nan, lilon ya gajarta, agogo ya dinga gudu. Maganaɗisun rediyo ko lasifika ma yana haddasa haka. Tsayawar kuwa daga tsohon mai take, wanda ya haɗu da ƙurar hunturu ya daskare a ramukan duwatsun yaƙutu 17 da ke cikin injin, har ƙarfin wani ya kasa tura haƙora da zarar ya fara raguwa. A nan jahili yake kuskure, ya kama tura ɗan allurar saiti zuwa ɓangaren jinkiri, alhali iyakar ikonta 'yan mintoci ne a yini, ba a awa ba.

Malam ya fara da sassauta babban sifirin da ke riƙe ƙarfin wani a hankali, domin wanda ya kwance inji da ƙarfi a cikinsa yakan karya haƙora. Ya cire hannuwa da fuska, ya warware ƙafafun ɗaya bayan ɗaya da hantsaki, ya wanke su cikin tataccen fetur, ya shanya bisa farar takarda a ƙarƙashin kofin gilashi. Kowane rami ya sa tsinke mai kaifi ya juya, yana fiƙe shi, har tsinken ya fito fari. Sa'an nan ya mayar da kome mazauninsa, yana taɓa man agogo da bakin allura, ɗigon da ido ba ya gani sai da madubi. Sifirin mai kama da gashi da haƙoran ƙafafu kuwa bai bari mai ya kusance su ba. Ya sake gilashi, amma fuskar da ta yi ja-ja ya bar ta yadda take, domin ya ce amana aka ba shi ya gyara, ba ya sake ba. Bayan haka ya riƙe agogon 'yan kwanaki yana gwada shi da lokacin labarun rediyo, yau a kwance, gobe a tsaye, har saɓaninsa ya koma ƙasa da minti ɗaya a yini.

Ranar karɓa Hajiya ta kara shi a kunne, ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Shi ne." Malam ya karɓi kuɗin gilashi da ladan wanki, ya gargaɗe ta da ta yi masa wani sau ɗaya kullum da safe, ta tsaya da zarar ta ji ya yi tauri, ta cire shi in za ta yi alwala, kada kuma ta aje shi bisa rediyo.

Masu wannan ilimi sun yi ƙaranci a Zariya, kuma akasarinsu dattawa ne. Saboda haka duk wanda ya gaji agogo mai wani, kada ya ɗiga masa mai, kada kuma ya yarda a fid da injinsa tun ba a wanke shi ba. Ya neme su tun suna raye, domin mafi yawan agogon da ake cewa sun mutu wanki kawai suke bukata.